A kai shi bayan kanta ya ji jiki, ko a kashe maganar a gida?

Tambaya: Malam, ɗan ƙanwata ne, shekararsa 15, yana aji ɗaya a babbar sakandare. Shi da abokansa biyu suka ɗauke waya a shagon mai caji suka sayar, ta kai naira dubu 60. Mai shagon ya gane shi. Mahaifinsa ya rasu, ni ne a kansa. 'Yan'uwa sun ce in kai shi caji ofis da kaina ya kwana biyu ya ji jiki. Na taɓa jin cewa kamun farko yakan ƙara kangarar da yaro. Da gaske ne, ko lallaɓawa ce irin ta 'yan boko?

Amsa:

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da riƙon maraya. Abin da ka ji yana da tushe, kuma binciken da aka yi a kansa ya fi karkata ga cewa gaskiya ne, musamman ga yaro mai waɗannan shekaru da laifinsa na farko bai haɗa da makami ko jini ba. Shawarata kada ka kai shi da hannunka. Amma ban ce a shafa masa kai a bar maganar ba, zan zo kan wannan.

Masana halayyar masu laifi suna da wata fahimta da za mu iya kira ka'idar laƙabi. Bahaushe ya riga ya taƙaita ta da ya ce suna linzami. A 1938 wani masani a Amurka, Frank Tannenbaum, ya lura da yadda unguwa take sauya harshe a kan yaro. Da fari ana cewa abin da ya yi ba shi da kyau. Bayan an kama shi, an tsare shi, an gurfanar da shi, sai maganar ta koma shi kansa ne ba shi da kyau. A 1951 Edwin Lemert ya raba ɓarna gida biyu. Akwai ta farko, wadda yaro yake yi don ƙuruciya, ko zugar abokai, ko kwaɗayi, yana yi bai ɗauki kansa ɓarawo ba, gobe ya tashi ya tafi makaranta kamar kowa. Akwai ta biyu, wadda take biyo bayan yadda jama'a suka karɓi ta farkon: an sa masa suna, an janye masa jiki, sai ya fara tsara rayuwarsa a kan sunan. Howard Becker ya ƙara a 1963 cewa wannan suna yana danne duk sauran sunaye. Yaro ɗalibi ne, gola ne a ƙungiyar layinsu, shi yake ɗebo wa kakarsa ruwa, amma daga ranar da aka gan shi da ankwa, in an ambace shi abin da zai fara zuwa bakin mutane shi ne "wanda aka kama ɗin nan". Ɗanka a yau yana mataki na farko, kuma duk aikin da ke gabanka shi ne kada ya tsallaka na biyu.

Mai hankali zai ce: to ai dama waɗanda ake kamawa su ne suka fi ƙwarewa a ɓarna, don haka in sun ci gaba ba kamun ne ya jawo ba, halinsu ne. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma shekaru aka ɗauka ana neman amsarta. Hanya ɗaya ita ce a nemo yara biyu da suka yi daidai a komai, irin gidan da suka fito, irin abokansu, yawan ɓarnar da suka amsa da bakinsu sun yi, bambancinsu kawai ɗaya ya shiga hannu ɗaya ya sha. A kudancin Landan an bi yara maza 411 tun daga 1961, lokacin suna 'yan shekara takwas zuwa tara, ana komawa gare su lokaci-lokaci ana tambayar su a asirce me suka aikata. David Farrington ya ɗauki waɗanda kotu ta fara samu da laifi tsakanin shekara 14 da 18, ya gwada su da takwarorinsu da suke kai ɗaya da su a ɓarna lokacin suna 14 amma ba a taɓa hukunta su ba. Sakamakon da ya fitar a 1977 ya nuna cewa da suka kai 18, waɗanda aka hukunta sun zarce sauran a ɓarna, alhali tare suka tashi.

Wannan hanya tana da rauni, domin duk yadda ka daidaita yara biyu a takarda, akwai abin da ɗan sanda ya gani a idon yaro wanda mai bincike bai rubuta ba. Shi ya sa aka fi dogara da gwajin ƙuri'a, inda yaran da aka kama ake raba su da ƙuri'a, wasu a bi da su ta kotu, wasu a sallame su ko a haɗa su da masu ba da shawara. A 2010 Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje guda 29, da suka shafi yara 7,304. Ba su ga alamar cewa bi ta kotu yana rage komawa laifi ba. A dunƙule ma ƙara shi ya ɗan yi, kuma tazarar ta fi fitowa idan aka gwada kotu da shirin da ya ba yaro wata kulawa ta zahiri, ba sallama kawai ba. Ka riƙe wannan na ƙarshen. Tazarar ba mai girman gaske ba ce, kada wani ya ce maka duk yaron da ya kwana a sel ya gama lalacewa. Amma 'yan'uwanka suna ba da shawarar ne a matsayin magani, kuma da aka auna maganin ba a ga ya warkar ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma nake ganin ya fi amfanar ka, shi ne ta ina lahanin yake shiga. Yawancin mutane in sun ji ka'idar laƙabi sai su ɗauka maganar zuciya ce, wai yaro ya ji an kira shi ɓarawo sai ya yarda shi ɓarawo ne. Hakan yana faruwa, amma a hankali, kuma sau da yawa shi ne yake zuwa a ƙarshe. Abin da yake sauyawa cikin mako guda shi ne mutanen da ke kewaye da shi.

Dubi makaranta. David Kirk da Robert Sampson sun bi ɗaliban makarantun gwamnati a Chicago, suka wallafa a 2013 cewa cikin waɗanda aka taɓa kamawa, kusan kashi 73 cikin 100 ba su gama sakandare ba, a yayin da takwarorinsu da suka yi kama da su amma ba a kama su ba, kashi 51 ne. Da suka bincika ko yaran ne suka daina son karatu ko suka yanke ƙauna bayan kamun, sai suka ga wannan bai bayyana tazarar ba. Wato zargin ya fi komawa kan yadda makarantar ta karɓe su: kwanakin da suka rasa, dakatarwa, sauya musu makaranta, malamin da ya riga ya cire su daga lissafi. A 2014 kuma Akiva Liberman da Kirk da Kideuk Kim suka yi amfani da bayanan yaran birnin don raba abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa, wato sake aikata laifi da sake shiga hannu. Kamun farko ya ƙara duka biyun, amma ya fi ƙara sake shiga hannu nesa ba kusa ba, kuma wannan ƙarin bai dogara da ko yaron ya ƙara ɓarna ba. Ma'ana, yara biyu suna ɓarna iri ɗaya, amma wanda aka riga aka san fuskarsa shi ake ɗauka. Kamu na biyu kuma sai ya zama hujjar cewa na farkon daidai ne.

Waɗannan alƙaluma na Birtaniya da Amurka ne, kada ka ɗora su kai tsaye a kan unguwarku. Amma yadda abin yake tafiya na gan shi da idona a nan. Shekarun baya na bi lamarin wani yaro da ke koyon gyaran babur, shekararsa 16. Shi da wani suka kwance batir a gareji, 'yan sintiri suka kama shi da dare, ɗayan ya tsallake katanga. Kafin a miƙa shi sai da aka zagaya da shi layi da batirin a ka, yara suna bin sa, wani ya ɗauka a waya. Kwanansa huɗu a tsare kafin uwarsa ta sayar da akuyarta ta karɓo shi. Ranar da ya koma gareji, ogansa bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube shi ya ce, "Ka ɗan huta tukuna, zan neme ka." Bai neme shi ba. Iyayen abokansa na makarantar dare suka hana 'ya'yansu tafiya da shi. Wata Juma'a takalmin wani ya ɓata a ƙofar masallaci, ya ce mini yana tsaye yana ɗaura nasa sai ya ji wurin ya yi tsit, da ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa. Wuri ɗaya ne aka yi masa maraba, wata majalisa a bakin kwata inda wani da suka haɗu a sel yake zama. Can kwana huɗun nan ya zama abin taƙama, har suka sa masa suna da shi. Cikin shekara guda an ɗauke shi sau uku, biyu daga ciki ba shi da hannu, samame ne aka yi aka kwashi sanannun fuskoki. A na huɗun yana da hannu, kuma akwai wuƙa. Wanda ya tsallake katangar kuwa ya gama koyon aikinsa, yanzu yana da rumfarsa. Kowa a layin ya san tare suka yi, amma ba a taɓa kiran sa da sunan ba.

Labari ɗaya ba hujja ba ne, na kawo shi ne don ka ga jerin. Wurin aiki ya rufe, abokan kirki sun janye, waɗanda suka rage su ne masu ɗaukar kanwa, kuma sunansa ya shiga bakin masu kamu. Sai bayan duk wannan ya fara cewa "ai ni an riga an san ni". A wurinmu ma wani ɓangaren ya fi tsanani. A Birtaniya da Amurka takarda ce take bin mutum, kuma doka tana ɓoye takardun yara. Mu baki ne yake bin mutum, yanzu kuma ga bidiyo, wanda za a iya tono shi ranar da aka je tambayar aurensa.

Akwai kuma abin da masu cewa a tsorata shi ba sa lissafawa. Tsoron caji ofis yana da ƙarfi ne a kan wanda bai taɓa shiga ba. Da zarar ya kwana ya fito da ransa, ya ga iyakar abin, ya san yadda ake beli, ya san wa ake kira. Barazanar da kake riƙe da ita ka kashe ta a kan wayar dubu 60. Kuma in ka miƙa shi, ba kai kake da ikon cewa kwana biyu ba. Ba ka san da wa za a haɗa shi ɗaki ba, ba ka san ko za a rubuta shekarunsa daidai ba, kuma laifin da mutum uku suka yi tare yana iya zama haɗa baki da sata a takardar tuhuma. Na ga iyayen da suka kai ɗansu don a ja masa kunne, suka dawo suna neman lauya. Sannan ga shi maraya. In baƙo ya kama shi, yana da gidan da zai dawo. In kawunsa ne ya kai shi, laƙabin daga cikin gida ya fito.

Ka'idar tana da iyaka, kuma ba na son ka ɗauke ta fiye da nauyinta. Ba ta bayyana dalilin satar farko ba, wannan sai ka bincika da kanka. Ba kowane yaro take kamawa daidai ba: wanda yake da gida mai ƙarfi da makarantar da ta karɓe shi yakan sha, wani ma kamun yakan farkar da shi. Kuma inda akwai makami, ko fyaɗe, ko an ji wa wani rauni, ko manya ne suke aika yara suna karɓar kayan, to kare jama'a ya shiga gaba, hukuma ce wurin zuwa. Sai dai ka sani yawancin yaran da suke ɗauke-ɗauke a wannan shekaru suna bari da kansu yayin da suka doshi ashirin, in dai ba a datse musu hanyar komawa ba. Wannan yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a fagen nan, a ƙasashe daban-daban.

To me za ka yi? Wani masani ɗan Ostireliya, John Braithwaite, ya bambanta a 1989 tsakanin kunyar da take korar mutum da kunyar da take dawo da shi. Duka biyun suna da zafi. Ta farko ba ta da ranar ƙarewa, kuma a gaban duniya ake yin ta. Ta biyu a gaban waɗanda yaron yake jin nauyinsu ake yin ta, a kan aikin da ya yi, kuma tana da ranar da za a ce an gama. Mu ba baƙin wannan ba ne, shi ne zaman sulhu na zauren mai unguwa in an yi shi da kyau.

Ka fara da mai shagon, yau ba gobe ba, domin shi ne yake da haƙƙi kuma shi ne zai iya kai ƙara. Ka je kai kaɗai tukuna, ka amsa laifin ba tare da kwana-kwana ba, ka tabbatar masa za a biya. Ka tuna mai yiwuwa wayar ta wani ce da ya kawo caji, don haka shi ma ana matsa masa, kuma amanar shagonsa ce ta taɓu. In da hali ka biya kuɗin gaba ɗaya daga aljihunka don a sallami mai wayar, sai bashin ya dawo tsakaninka da yaron. Bayan nan a yi zama ƙarami: kai, mahaifiyarsa, mai shagon, da mutum ɗaya da yaron yake jin kunya, ko malaminsa na Islamiyya ko mai unguwa. Ba a ƙofar gida ba, ba 'yan kallo, kowa ya ajiye wayarsa. A bar mai shagon ya faɗi abin da satar ta jawo masa, yaron ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nemi gafara. A wurin nan ka kula da harshe, naka da na 'yan'uwa. "Ka ɗauki abin da ba naka ba, za ka biya" magana ce da take da mafita. "Kai ɓarawo ne, ka ɓata mana suna" ba ta da ita.

Biyan ya zama da guminsa. In su uku ne kuma iyayen sauran sun yarda, kason kowa dubu 20. Ka sama masa aikin Asabar da Lahadi a wurin wanda ka amince da shi, in yana kawo dubu biyu duk mako, cikin mako goma ya gama. In sauran sun noƙe, kada ka ɗora masa dubu 60 a ce sai ya kawo cikin wata guda, domin yaron da aka matsa wa bashin da ba shi da hanyar biya ka san inda zai nemo. Ka rubuta abin da yake kawowa a takarda yana gani. Ranar da ya cika, ka kira waɗanda suka zauna da farko ka ce ya biya, magana ta mutu. Wannan zama na biyu shi ne mutane suke mantawa, kuma a ganina ya kai na farkon muhimmanci. Daga ranar, duk wanda ya sake yi masa gori a gida kai ne za ka tsawata masa.

Kada ya rasa ko kwana ɗaya na makaranta a kan wannan, kuma in makarantar ba ta sani ba, ban ga dalilin kai mata labari ba. Ka tambaye shi a natse wa ya sayi wayar da kuma me aka yi da kuɗin. In katin waya da ƙwallo da kayan sawa ne, ƙuruciya ce. In ƙwaya ce ko caca, ko bashin wani babba yake biya, to satar alama ce kawai, ciwon yana wani wuri, kuma shi za ka bi.

In mai shagon ya riga ya kai ƙara, ƙofa ba ta rufe ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 209, ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe maganar yaro ba tare da zuwa kotu ba idan laifin ba babba ba ne, ta hanyar sulhu, sa ido, da biyan wanda aka cuta. Ta kuma ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci. Jihohi suna da nasu dokokin da lambobin sassansu suka bambanta, don haka ka tambayi lauya ko ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku wadda take aiki a jiharku. Ka je da takardar haihuwarsa ko ta makaranta don kada a ƙara masa shekaru, ka je tare da mai shagon in ya yarda, kada a ɗauki jawabinsa ba babba a wurin, kuma ka roƙa kada a ɗauki hotonsa ko a haɗa shi ɗaki da manya.

A watanni uku masu zuwa, abin da za ka sa wa ido ba aljihunsa kaɗai ba ne. Ka duba su wa suke sallama da shi a ƙofar gida, tsofaffin abokan ne ko sababbin da suka girme shi. Ka duba ko yana zuwa filin ƙwallo da masallacin layinku, ko ya koma zagayawa ta lungu don kada a gan shi. Ka saurara ko an sa masa wani sabon suna, kuma ko yana amsawa. In ka ji ya fara cewa "duk abin da na yi dama ni za a ce", to wani a gida ko a layi yana ci gaba da hukunta shi bayan an ce an gama, sai ka nemo ko wane ne. Kuma cikin makon da ya kammala biya, ka aike shi da kuɗi a hannu, kamar dubu biyar na cefane, a gaban mahaifiyarsa, ka karɓi canjin yadda kake karɓa a wurin kowane yaro a gidan.